Wasiƙar Madam Shetu Ta Yi Kwana Sha Tara a Motata

Har yau idan na shiga tashar Sokode sai wani ɗan iska ya ɗaga murya ya ce, "Ga Bukari Likita nan!" Ni kuwa ko allura aka nuna mini sai in nemi hanyar gudu. Tunda kun matsa, bari in gaya muku inda sunan ya samo asali, amma wanda ya yi dariya kafin in gama, wallahi ba zai ƙara shiga motata ba.

A shekarar babban yajin aiki ne, lokacin da ƙasar nan ta rikice da maganar demokaraɗiyya. Makarantu a rufe, ofisoshi a rufe, gidan waya ma an garƙame. Duk mai son aika saƙo arewa sai ya nemi direba. Ni kuma ina da bashe, wato 'yar akori-kura mai rufin tamfol, ina jigilar mutane da doya daga Sokode zuwa Dapaong, in dawo da albasa da kaji. Tafiyar da ya kamata a yi ta cikin awa biyar sai ta cinye yini guda, saboda shinge. Sojoji su tare nan, samarin gari su tare can da tayoyi da kututture. Ko'ina sai an sauke fasinja, a sauke kaya, a zazzage buhu, a bar ku a rana kuna nanuwa.

Ina da aboki tun muna makarantar allo, Aƙilu mahauci. Wata shida kafin nan ya koma kasuwar Dapaong ya kafa tukubar tsire, ya bar matarsa Zuwaira a Zangon Sokode wurin tsohuwarsa, Inna Sayyada. Zuwaira na da ciki, kowa ya gani, amma kun san mu, ba a maganar cikin matar aboki. Sai dai a kawar da kai a ce sannu da aiki.

Wata Talata da safe ina ɗaure kaya sai ga Madam Shetu, ungozomar ƙaramin asibitin unguwarmu. Gajeruwa ce, amma muryarta ta fi ta mai kiran fasinja. Ta miƙo mini farin ambulan a manne, an buga masa jan hatimi mai gicciye, an rubuta wata kalmar Faransanci da manyan baƙaƙe, an ja mata layi biyu.

Ta ce, "Bukari, ka san Aƙilu?"

Na ce, "Haba Madam, ko da muryar tarinsa."

Ta ce, "Ka sa masa wannan a hannu yau ɗin nan. A hannunsa, ba a hannun maƙwabci ba. Ya nemi mai karatu ya karanta masa."

Na ce me ke ciki? Ta harare ni ta ce sirrin mai jinya ba na 'yan tasha ba ne. Na soka a aljihu na ce an gama.

Ni ban san abin da ke ciki ba a lokacin, amma ku gara ku sani tun yanzu. Tagwaye ne a cikin Zuwaira, ɗaya kuma ya kwanta a gicciye. Madam na son ta haihu a babban asibiti. Inna Sayyada ta ce ita tara ta haifa a kan tabarmar ɗakinta, kuma matar ɗanta ba za ta taka ƙofar gida da sunan haihuwa a waje ba sai da bakin mijinta. Takardar neman bakin mijin nan ita ce a aljihuna.

A shingen farko, kafin Bafilo, wani soja mai jajayen idanu ya sa na ɗaga hannu yana lalube ni. Ya zaro ambulan, ya ga jan hatimi, ya ga layi biyu. Sai na ga ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Na asibiti ne?"

Na ce, "E, Shef," yadda muke kiran sojoji.

Ya ce, "To me kake jira, wawa? Wuce!"

Da hannunsa ya ɗaga gorar da suka gitta a hanya. Ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Motoci bakwai na bari a rana, direbobinsu sun saki baki suna kallona. Na ce a raina, ikon Allah! A shinge na biyu ban jira an lalube ni ba, na zura ambulan ta taga. Aka ɗaga. Da na isa wurin samari masu tayoyi na nuna musu, shugabansu ya ce su ba da marasa lafiya suke faɗa ba, har turin mota suka yi mini. Kafin azahar ina Dapaong, abin da rabona da shi tun kafin rikici.

Na tafi tukubar Aƙilu da niyyar Allah, hannuna a kan aljihu. Ya rungume ni, ya zaunar da ni, ya zaɓo mini tsire mai kitse ya barbaɗa yaji. Ina ci sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya ce, Bukari, gobe fa za ka koma, shingayen nan kuma suna nan. Na ce gaskiya ne. Ya ce takarda ba tuwo ba ce balle ta yi tsami, bari ta raka ka gida, jibi ka dawo ka ba shi. Na ce wannan ma gaskiya ne.

Aƙilu ya sunkuyar da kai yana juya nama ya ce, "Yaya mutanen gida?"

Na san abin da yake tambaya, shi ma ya san na sani, amma kunya ba za ta bar shi ya kama sunan matarsa ba, balle cikinta. Na ce, "Lafiya lau, suna gaishe ka." Ya ce madalla, ya ƙara mini tsinke biyu.

Da na koma Sokode, Madam Shetu ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ka ba shi?" Nan ne na yi ƙaryar da ta fi kowacce muni a rayuwata. Na ce, "Na ba shi, Madam." Ta ce me ya ce? Na ce ya ce zai duba. Ta yi tsaki ta ce maza kenan, ta wuce. Daga ranar na daina bin layin asibiti, sai in zagaya ta bayan mayanka.

Jibi ta zo, na ce gata. Gata ta zo, na ce sati mai zuwa. Kada ku yi mini wannan kallon! Wanda bai taɓa sauke buhun doya ashirin a tsakar rana sau shida a yini ɗaya ba, ya yi mini shiru.

Abu ya bunƙasa. Na sa ambulan a leda don kada gumi ya ɓata hatimin. Na ɗaura farin ƙyalle a jikin madubi. Da na ga wasu sojoji sun fara ja da magana, sai na ƙara gishiri, na ce sakamakon kwalara ne nake kai wa manyan likitoci. Ai kuwa sai su ja baya taku uku, su toshe hanci, su ɗaga gora da ƙafa. Akwai wani tsoho da ke yawan bin motata, na koya masa da an hango shinge ya kwanta a kan doya ya riƙa nishi. Tsohon nan ya ƙware har wani soja ya taɓa ba shi lemo. Fasinja suka riƙa rububin motata, mutum ya gwammace ya zauna a kan kejin kaji a wurina da ya zauna gidan gaba a motar wani. Nan aka sa mini Likita.

Direbobi suka ce asiri ne. Mamadou mai fijo ya bi ni har bayan masallaci yana roƙon in gaya masa malamin da ya yi mini aiki. Na ce masa malamin yana bayan Adjengre a gindin wata kuka, kuma ba ya ganin kowa sai wanda ya yi azumin kwana uku. Wawan ya yi azumin, ya je ya yini yana zagaya kukoki.

Duk zuwan da na yi Dapaong kuwa sai na ci tsiren Aƙilu. "Yaya mutanen gida?" "Lafiya lau." Har ledar ta tsage maiƙon tsirensa ya taɓa gefen ambulan, wasiƙarsa ta ɗanɗani namansa shi bai ɗanɗani wasiƙarsa ba.

Ranar kwana na sha tara na taso daga Sokode bayan asuba, na iso gadar Mango da hantsi. An canza masu gadi. Wani sajan ne dattijo, mai furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare. Na zura ambulan yadda na saba, tsohona ya kwanta ya fara nishi. Sajan bai ja baya ba. Ya karɓa, ya juya, ya shinshina.

Ya ce, "Kwalara yana ƙanshin ƙuli-ƙuli?"

Na ce, "Shef, hattara, tana kama mutum ta takarda."

Ya ce, "To bari shi kama ni." Ya sa farce ya farke.

Wayyo! Sajan ya zaro takardar. Ya gyara tabarau ya karanta a zuci, leɓensa na motsi. Ya ɗago ya dube ni, ya sake duban saman takardar inda kwanan wata yake, ya ƙirga da yatsu. Sai ya ce kowa ya sauko, har mai nishi. Ya tsayar da ni a tsakiyar titi ya ce zai fassara wa jama'a kwalarar Likita. Hausarsa ta bariki ce, mace ma "shi" yake ce mata, don haka zan faɗa muku da Hausar da za ku gane. Ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Zuwa ga Malam Aƙilu. Ina gaishe ka. Ni ce Shetu, ungozomar da ke duba matarka Zuwaira. Na so in gaya maka wannan baki da baki, amma kana nesa.

"Matarka tana ɗauke da 'ya'ya biyu. Na taɓa kawuna biyu, na ji bugun zuciya biyu a wuri daban-daban. Cikin ya kusa wata takwas. Na ƙasa ya juyo da kai yadda ake so, na sama ya kwanta a gicciye.

"Ina roƙonka ta haihu a babban asibiti, ga dalilaina. Tagwaye ba sa cika jiran wata tara, suna iya zuwa kowane lokaci daga yanzu, kuma sukan zo ƙanana masu bukatar kulawa. Idan na farko ya fito, na biyu yana iya gyara kwanciya, yana iya ƙi. Idan ya ƙi, hannu ko cibiya ke riga kai fitowa, kuma yaron da ke gicciye ba ya haifuwa komai ƙarfin nishin uwa. Sai gwani ya juya shi nan take, ko a yi aiki a ciro shi. Bayan haka, mahaifar da ta ɗauki biyu ta buɗe da yawa, wani lokaci ba ta tsukewa da wuri, sai jini ya ɓalle, kuma jinin haihuwa ba ya jiran a nemo mota. Ƙafafunta sun kumbura, awon jininta ya fara hawa, ina tsoron jijjiga.

"A ƙaramin asibitinmu ba mu da ɗakin aiki, ba mu da jinin ƙari. Babban asibiti yana karɓar masu haihuwa duk da yajin aiki. Wannan ba raini ba ne ga mahaifiyarka, ta haifi tara lafiya, amma ɗaya-ɗaya ta haife su. Ta ce sai da izininka. Ka aiko da izini ta hannun wanda ya kawo maka wannan, kada a jira naƙuda. In da hali ka zo da kanka, da mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini. Allah ya raba lafiya."

Sajan ya naɗe takardar. Ni kuwa na dafe kai. Zuwaira! Yarinyar da ke aiko mini da kunu duk azumi.

Akwai wata Hajiya Mairama mai sayar da busasshen kifi a cikin fasinja. Ita ta fara motsi. Ta zaro wani ƙaton tarwaɗa busasshe daga kwandonta ta shimfiɗa mini a ƙeya.

"La'ananne! Ɗan banza mai idon kuɗi! Ran mutum uku ka mayar lasisin mota?"

Tsohona mai nishi, wanda jiya-jiya muke raba goro, shi ma ya sa mini sanda a ƙwauri, wai dama tun farko bai yarda da ni ba. Sajan ya bari suka ɗan huce a jikina, sannan ya raba. Ya ce da ba don mai cikin nan ba, da sai na yi tsallen kwaɗo daga gada zuwa gari. Ya danƙa wa Hajiya Mairama wasiƙar, ya ce ita za ta kai, ni matuƙi ne kawai. Ya duba agogo ya ce, "Tashi ka tafi, jaki."

Ban taɓa taka bashe kamar ranar ba. Hajiya ta kori na gidan gaba ta zauna kusa da ni da tarwaɗarta a cinya, da na ɗan sassauta sai ta ɗaga shi.

Mun samu Aƙilu yana fifita wuta. Ya washe baki zai ce yaya mutanen gida, Hajiya ta ce, "Rufe bakinka, ɗana, ka buɗe kunne." Ta zayyana masa duk abin da sajan ya karanta, ba ta rage komai ba, kunya kuwa ta ajiye ta a mota.

Kun san abin da Aƙilu ya ji a duk bayanin nan? Biyu. Ya yi tsalle ya ce, "Biyu? Ni? Allahu akbar!" Ya kwashi tsire ya shiga raba wa duk wanda ya gifta, har da wani ɗan acaɓa da ya tsaya tambayar hanya. Sai da tire ya ƙare sannan ya dawo ya ce, "Amma maganar asibiti, ai Inna tana nan. Ita ta san kan abin nan. Mutanen asibiti da sun ga mace sai wuƙa."

Hajiya ta ce, "Kai da wuƙa a hannu kake zagin masu wuƙa? Shekara nawa kana fawa?"

Ya ce ashirin.

Ta ce, "Ba a taɓa kawo maka tunkiyar da haihuwa ta gagara ba, aka ce yi maza ka yanka kafin ta mutu? Da ka farke me ka gani?"

Na ga murnar ta zube daga fuskar Aƙilu. A hankali ya ce, "Ɗan a gicciye." Ya ajiye mafici. Sai kuma ya juyo ya ce, "Yaushe aka rubuta takardar nan?"

Hajiya ta nuna ni da tarwaɗa ta ce tambayi Likita.

Sau uku muka zagaya rumfar masu tumatir, yana bina da muciyar wuta yana kiran tsiren da na ci tsinke-tsinke. Da ƙyar Hajiya ta shiga tsakani ta ce ya bari sai an sauke matarsa lafiya ya kashe ni a natse, yanzu ana bukatar direba. Ya ga gaskiyarta. Na zubar da doyar mutane a tasha, muka juya.

Amma Aƙilu Aƙilu ne. Ya rantse ba zai shiga Sokode hannu rabbana ba, uban tagwaye guda. Yana da raguna biyu da yake turke da su, ya ce dole su bi mu don suna. Na ce lokaci, ya ce in ƙara magana in gani. Aka cusa raguna a baya. Hajiya Mairama ta ce ita ma ta fasa cin kasuwa, sai ta ga ƙarshen abin nan.

A Mango sajan ya hango mu ya ɗaga gora tun daga nesa. Na ce alhamdu lillahi. Ashe alhakina yana jirana a gaba. A wani shinge bayan Kante, wurin da na fi yi musu wasan kwalara, labari ya riga mu isa ta bakin direbobi. Na zura wasiƙa ta taga, yau a buɗe, yau da gaskiyata, na ce mace ce a bakin haihuwa. Sojan ya leƙa baya, raguna suka dube shi.

Ya ce, "Wanne ne mai naƙudar?"

Aƙilu ya yi rantsuwa, Hajiya ta yi roƙo, ni na durƙusa har ƙasa. Sojan ya ce sati biyu suna toshe hanci saboda ni, yau sai sun ga ƙasan motar nan. Aka sauke raguna, aka ciro kujera, aka kwance tayar safaya. Rago ɗaya ya tsinke ya shiga gonar dawa, sojoji biyu da Aƙilu suka bi shi. Awa guda cur muka yi a wurin. Duk tsawon lokacin Aƙilu bai ƙara zagina ba, kuma shirun nan ya fi muciyar ciwo.

La'asar sakaliya muka shiga Zango. Tun daga bakin layi na ga mata cirko-cirko a ƙofar gidan Inna Sayyada, na san mun makara. Naƙuda ta tashi tun azahar. Ta fari ta fito, mace, 'yar mitsitsiya, tana ta tsala kuka a hannun wata maƙwabciya. Na biyu shiru. Madam Shetu tana tsakar gida, wata ce ta ruga ta kira ta, hannunta cikin safar roba, tana magana da Inna da muryar da ban taɓa jin ta yi ƙasa haka ba.

"Inna, hannu ya fito. Zuciyarsa tana bugawa, amma ba zai fito a ɗakin nan ba. Ki bari mu tafi."

Inna Sayyada tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar rubutu, hawaye na zuba, amma ba ta matsa ba. Ta ce amanar ɗanta ce, in ta bari aka fita da ita aka yanka ta mutu, da wane baki za ta gaya masa?

Aƙilu ya faɗo gidan ko sallama babu. Ya ce, "Inna, a kai ta asibiti."

Tsohuwa ta ajiye ƙwarya ta ce, "To ai dama bakinka nake jira, ɗan nan. Me ya hana ka aikowa?" Ta matsa gefe. Abin da ake nema kenan tun kwana sha tara, magana ɗaya da ba ta kai tsawon atishawa ba.

Muka watso raguna waje, aka shimfiɗa katifa a bayan bashe. Madam ta hau tare da Zuwaira, ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta ce kada wanda ya kuskura ya ja hannun yaron. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Tuƙa." Na tuƙa, ban san da ramuka a titin ba sai da aka gaya mini daga baya.

Suna isa aka wuce da ita ɗakin aiki. Ba a jima ba wata ma'aikaciya ta fito ta ce an ciro yaro, namiji, ya sha wuya amma ya yi kuka. Uwar ce ke zubar da jini, ana bukatar ƙari. Aka gwada na Aƙilu bai dace ba. Hajiya Mairama ta miƙa hannu aka ce ta tsufa, ta ce uwar wa ta tsufa. Sai duk suka juyo suka dube ni. Aka gwada, ya dace. Tabbas Allah ba ya barci.

An ce da na ga allurar na kira sunan tsohuwata sau biyu na sume. Ni ban tuna ba. Na dai farka na ga leda cike da jinina, Hajiya na yi mini fifita da wasiƙar tana cewa, "Likitan banza, tashi." Bayan isha'i aka ce jini ya tsaya.

Kwana uku ban iya komawa asibiti ba. A na huɗu Madam Shetu ta aiko a kira ni. Na tafi ina shirin shan mari, har na fi son marin. Ba ta mare ni ba, ta kama hannun rigata ta ja ni har bakin gadon. Hassana da Huseini suna naɗe a zane a ƙirjin uwarsu don ɗumi, kowanne bai fi tulun turare girma ba a idona. Aƙilu na zaune a ƙasa, Inna na gefe da tasbaha. Zuwaira ta yi fari fat, leɓenta a bushe.

Na durƙusa na fara, "Zuwaira, ni ne... takardar nan..."

Ta ce, "An gaya mini, Malam Bukari."

Muryarta ba ta fita sosai, sai da na matsa. Ba ta zage ni ba. Ta dubi mijinta, sannan ta dawo da ido kaina.

Ta ce, "Ba ciwon ne ya fi damuna ba. Madam ta ce mini ka ba shi, ya ce zai duba. Kullum in na ji sallama sai in ce saƙonsa ne. Da aka yi sati biyu sai na daina jira, na ce ya ji abin da zai same ni, ya ga ban kai ya aiko da kalma ɗaya ba. Ranar da naƙuda ta tashi na yafe masa, don kada in mutu da shi a raina."

Aƙilu ya kifa kai a bakin gadon, ƙaton mahaucin nan, kafaɗunsa na girgiza. Ta ɗora hannu a kansa a gaban tsohuwarsa, a gaban kowa, ba ta ji kunya ba.

Ta ce, "Ashe bai ma sani ba."

Ni dai ina durƙushe a wurin. Babu wanda ya kore ni, babu kuma wanda ya ce in tashi.